Inuwa Biyu a Tsakar Gida Ɗaya

Ƙannena masu zana gine-gine da kwamfuta, akwai wani aiki da ba a cika koya muku ba, alhali shi ne zai fi yawan zuwa hannunku: gyaran hoton da aka riga aka gama. Kun yi rendar gida, mai gida ya gani ya yaba, an biya ku. Bayan wata biyu sai ya dawo ya ce a cire bishiyar darbejiyar da ke gaban gidan, a kafa rumfar mota a wurinta, a kuma sa mutum biyu ko uku a bakin ƙofa don hoton ya yi rai. Sake rendar hoton gaba ɗaya zai ci sa'o'i, wuta ba ta tsayawa, man janareta da tsada, ga kuma gyare-gyaren da kuka yi wa hoton a Photoshop waɗanda ba ku son sake su daga farko. Sai ku yi abin da kowa ke yi, ku yi rendar rumfar ita kaɗai ku liƙa. Babu laifi a wannan dabara. Matsalar tana bayyana ne idan aka duba ƙasa: inuwar gida ta karkata hagu, ta rumfa ta karkata dama, ko kuma duka sun tafi hagu amma ɗaya gajera ce mai kaifin baki, ɗaya doguwa mai dishi-dishi.

Shawarata ita ce kada ku gyara wannan da ido. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san ƙima. Yakan gaya muku cewa wani abu bai zauna daidai ba, amma ba zai gaya muku digiri nawa za ku juya rana ba, kuma idan kuka daɗe kuna kallon hoto ɗaya sai ya saba da kuskuren ya daina ganinsa. Tsohon hoton da ke hannunku yana ɗauke da bayanin inda rana take, tsayinta, faɗinta da launinta. Aikinku shi ne ku karanto wannan bayani daga cikinsa, ku sake gina hasken, sannan ku bar kwamfuta ta jefa inuwar da kanta.

Kafin komai sai ku tabbatar cewa akwai kuskuren, domin ba kowace inuwa da ta karkata daban ce ta saɓa ba. A fili, inuwoyin ginshiƙai biyu da ke tsaye a rana suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba sa haɗuwa. A cikin hoto kuwa kyamara tana matso da su ga juna, kamar yadda gefunan titi ke matsowa idan suka yi nisa, har ta kai ginshiƙin da ke hagun hoto inuwarsa ta karkata dama, na dama kuma tasa ta karkata hagu, kuma duka daidai suke. Na sha ganin matasa suna miƙar da inuwar da ba ta da laifi saboda rashin sanin wannan.

Gwajin da ba ya ruɗi shi ne na layi. Ku buɗe sabuwar leya a kan hoton. Ku nemi wuri mai kaifi a jikin wani abu, kamar kusurwar saman ginshiƙin ƙofa, sannan ku nemi daidai wannan kusurwa a cikin inuwarsa a ƙasa. Ku ja miƙaƙƙen layi daga kusurwar inuwa ya ratsa ta kusurwar ginshiƙi, ku bar shi ya zarce ta kowane ɓangare har ya fita daga hoton. Wannan layi hanyar da hasken ya bi ce. Ku maimaita da kusurwar katanga, da bakin rufi, da kan fitilar tsakar gida, a ƙalla wurare uku daga tsohon ɓangaren hoton. Idan rana ɗaya ce ta haska su, dukkan layukan za su haɗu a wuri guda. Idan ranar tana gaban kyamara, mahaɗar tana sama, a inda ranar take, ko da hoton bai kai can ba. Idan tana bayan kyamara, mahaɗar tana ƙasa da layin da sama ta haɗu da ƙasa. Idan kuwa tana daidai gefe, layukan ba za su haɗu ba, za su jeru da karkata iri ɗaya. Sau da yawa mahaɗar tana nesa da gefen hoto, don haka ku faɗaɗa filin aikin da Canvas Size kafin ku fara ja. Bayan haka sai ku canza launi ku ja layukan sabon ɓangare, daga kusurwar rumfa zuwa inuwarta. Idan suka wuce mahaɗar ba su taɓa ta ba, kun kama kuskuren, kuma kun ga ta wane gefe ya kauce.

Abin da na fi so da wannan gwaji shi ne bai damu da inda inuwar ta faɗi ba. Ko a kan matakala ta kakkarye, ko ta hau bango, ko ƙasar gangare ce, kusurwa da inuwarta da rana suna kan layi ɗaya. Shi ya sa masu binciken hotunan jabu, irin su Hany Farid, suke amfani da shi wajen gano abin da aka liƙa a hoto. Sharaɗinsa ɗaya ne: ku tabbata kusurwar da kuka zaɓa ita ce mai wannan inuwar. Kan bishiya ko kafaɗar mutum ba su da kaifin da za a dogara da su.

To, me ya jawo saɓanin? Idan fayil ɗin Blender na asali yana nan yadda aka bar shi, abin ba zai faru ba. Yana faruwa ne saboda wani abu ya motsa tsakanin renda ta farko da ta biyu. Wataƙila kun juya fitilar Sun don fitar da hoton bayan gida, kuka adana a kan fayil ɗin. Wataƙila hoton sama na HDRI ne aka juya a Mapping. Wataƙila kuma a sabon fayil kuka gina rumfar, da nata hasken. Akwai wani sanadi da ke haifar da inuwa biyu ga abu ɗaya: an sa Sky Texture an bar Sun Disc a kunne, sannan an ƙara fitilar Sun a kai, ko an ɗauko HDRI mai rana a ciki aka haɗa da Sun da ke fuskantar wani wuri dabam. Idan kuka ga ƙafar rumfa da inuwa biyu, ɗaya mai duhu ɗaya mai sauƙi, ku fara dubawa nan. Kuma ku tuna cewa matsar da fitilar Sun daga wuri zuwa wuri ba ya canza komai a Blender. Juyinta kaɗai ke aiki, domin ana ɗaukarta a matsayin abin da ke nesa marar iyaka. Wanda ya yi ta jan fitilar hagu da dama yana jiran inuwa ta motsa zai daɗe yana jira.

Bari mu ɗauki aikin rumfar nan mu bi shi har ƙarshe. Mu ce samfurin gidan yana nan, kyamarar ma ba a taɓa ta ba, amma saitin rana ya ɓace. Ku ɗora tsohon hoton a bayan kyamara ta Background Images, ku sa shi a Front, ku rage Opacity zuwa rabi, ku duba ko gefunan gini sun hau kan juna daidai. Idan ba su hau ba, ku tsaya nan ku gyara kyamara tukuna, domin duk awon da zai biyo baya a kanta ya dogara. Idan sun hau, sai ku koma ga ginshiƙin ƙofa, wanda kun san tsayinsa mita 3 ne tunda ku kuka gina shi. Ku ƙirƙiri Empty, ku ajiye shi a kan ƙasa, ku riƙa jansa ba tare da ya ɗaga sama ba, kuna kallo ta kyamara, har ya zauna a kan kusurwar inuwar ginshiƙin da ke tsohon hoto. Yanzu ku auna daga gindin wannan kusurwa zuwa Empty. Mu ce kun sami mita 2.1. Tsayin rana daga ƙasa yana fitowa daga wannan lissafi:

```
tan(e) = 3 / 2.1
e = 55°
```

Wato rana ta ɗaga digiri 55. Fitilar Sun da ba a juya ba tana haskawa ne kai tsaye ƙasa, kamar rana a tsakiyar ka, don haka abin da za ku rubuta a Rotation X shi ne abin da ya rage daga 90, wato 35, ku bar Y a kan 0. Da wannan saiti inuwa za ta faɗi ta wajen +Y. Sauran aiki na Rotation Z ne, wanda ke kewaya inuwar a ƙasa. Idan Empty ɗin ya kauce daga gindin ginshiƙi da mita 1.82 ta wajen +Y da mita 1.05 ta wajen −X, juyin digiri 30 ke nan, sai ku rubuta 30 a Z.

Wanda ba ya son lissafi yana da gajeriyar hanya, kuma sakamakonta ɗaya ne. Ku ɗauki fitilar Sun ku ajiye ta daidai kan kusurwar saman ginshiƙin, ku sa mata Damped Track, ku zaɓi Empty a matsayin Target, ku sa Track Axis a kan -Z. Fitilar za ta juya ta kalli kan inuwar, kuma hanyar hasken ke nan. Ko ta wace hanya kuka bi, kada ku yarda da ginshiƙi ɗaya. Ku yi ƙaramar renda ta gwaji, ku ɗora a kan tsohon hoto, ku duba inuwar rufi da ta katanga, musamman wadda ta fi tsawo. Kuskuren digiri ɗaya da ba ya nunawa a inuwar ginshiƙi zai nuna a inuwar bene.

A nan zan ɗan ratsa in faɗi wani abu da ya shafi ƙasarmu. Idan +Y ita ce arewa, ranar da muka gano tana kudu maso gabas, ta karkata sosai ga kudu, irin ranar da ake gani a Kano a ƙarshen Janairu kamar awa ɗaya kafin ta kai tsaka. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. A Disamba ranar tsaka ba ta wuce digiri 55 ba, inuwa tana faɗuwa arewa. Amma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da mu, inuwar tsakar rana tana faɗuwa kudu, abin da ba ya taɓa faruwa a Turai inda aka shirya da yawa daga cikin darussan da kuke kallo. Wannan yana da amfani idan mai gida ya tambaye ku ko rumfar za ta kare motarsa daga rana da gaske, kuma ƙarin manhajar Sun Position zai ba ku amsa idan kuka ba shi wuri da wata da lokaci. Sai dai a wajen gyaran hoto, ranar da ke cikin tsohon hoton ita za ku bi, ko da wanda ya sa ta bai duba kalanda ba.

Samun fuskar rana rabin aiki ne. Inuwa biyu suna iya tafiya wuri ɗaya su kuma ƙi jituwa saboda bakinsu. Rana ba ɗigo ba ce, faifai ce mai faɗin kusan rabin digiri a sama, shi ya sa bakin inuwa yake da kaifi a gindin abu, yana ƙara laushi yayin da yake nisa. A rana mai tsabta laushin yana kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari na nisan da ke tsakanin abu da inda inuwarsa ta faɗi. Daga kan ginshiƙinmu zuwa kan inuwarsa akwai kusan mita 3.7, don haka bakin inuwar a can zai yi laushin santimita 3 zuwa 4. Ku ƙara girman tsohon hoton ku auna da tubalan intalok da ke ƙasa, tunda kun san faɗinsu. Idan kuka ga laushin ya kai kamar santimita 20, to wanda ya yi rendar farko ya buɗe Angle na fitilar zuwa wajen digiri 3, wataƙila don ya kwaikwayi hazon hunturu, ko don inuwa mai laushi ta fi masa kyau. Ku sa 3, ku gwada, ku kwatanta a nisa ɗaya. Kada ku kwatanta bakin inuwar ƙafar rumfa a gindinta da bakin inuwar rufin bene. Ba za su yi daidai ba, kuma bai kamata su yi ba. Wannan ne dalilin da ya sa inuwar da aka zana da hannu aka bi ta da Gaussian Blur iri ɗaya daga gindi har kai take sa abu ya zama kamar yana shawagi a iska.

Sai duhu da launi. Inuwar rana ba baƙa ba ce. Wuri ne da rana ba ta kai ba amma sama tana haskawa, kuma ƙasa da bango suna maido masa da haske. Shi ya sa take ɗan shuɗi a fili, take kuma ɗan ja kusa da bangon da aka yi wa jan fenti ko kusa da jar ƙasa. Duhunta ya dogara ne ga ƙarfin rana idan aka gwada da ƙarfin sama, wato Strength na Sun da Strength na World. Ku ɗauki Eyedropper ku karanta intalok a rana a tsohon hoto, ku sake karanta shi a cikin inuwa, a fili nesa da bango. Mu ce kun sami haske wajen 200 a rana, wajen 95 a inuwa. Rendar gwajinku ta ba da waɗannan lambobi biyu a wuraren nan biyu. Ku fara da inuwa, domin sama ce ke riƙe da ita: ku daidaita World har inuwa ta kai 95, sannan ku daidaita Sun har wurin rana ya kai 200, ku sake komawa ga inuwa tunda ƙarin rana yana ƙara hasken da ke dawowa. Zagaye biyu ko uku sun isa. Ku duba ja da kore da shuɗi daban-daban, kada ku tsaya ga haske kawai.

Idan kuka yi ta juyawa lambobin suka ƙi zama, inuwa ta yi daidai amma farin bango ya ƙi, ku buɗe Color Management. Daga Blender 4.0, wanda ya fito a 2023, sabon fayil yana zuwa da View Transform a kan AgX, alhali kafin nan Filmic ne. Gidan da aka yi rendarsa da Filmic da rumfar da aka yi a sabon fayil da AgX ba za su taɓa haɗuwa ba ko da hasken iri ɗaya ne, domin kowanne yana matse haske da launi ta hanyarsa. Haka Look da Exposure. Ku mayar da su yadda suke a farko. Idan kuma an taɓa tsohon hoton da Curves a Photoshop, sabon ɓangaren ya shiga ƙarƙashin waɗannan leyoyin, kada ya hau samansu, kuma lambobin da za ku auna su zama na hoton kafin gyaran launi idan kuna da shi.

Yanzu haske ya samu, saura tambayar iya ina gyaran zai kai. A nan ne yawancinku ke yin rowa. Kuna jan Render Region da Ctrl+B daidai jikin rumfa, alhali tasirinta ya wuce jikinta. Rufin da ke mita 2.7 a sama, a rana mai digiri 55, yana jefa inuwarsa kusan mita 1.9 gefe, kuma idan bangon gida yana kusa za ta hau shi. Hotonta zai fito a gilashin tagar falo. Bangon da ke bayanta zai ɗan yi duhu ko da inuwar ba ta taɓa shi ba, saboda rumfar ta tare masa wani yanki na sama, kuma intalok ɗin da ke maido masa da haske ya shiga inuwa. Haka bishiyar da aka cire ta bar abubuwa a baya: inuwarta a ƙasa da kan katanga, hotonta a taga, da ɗan koren da ta zuba a bango. Inuwar da mai ita ya tafi ya bari ta fi kowane kuskure saurin tona asiri, domin ko wanda bai san komai game da renda ba zai tambaya ta mece ce.

Cirewa da ƙarawa ba hanya ɗaya ake bi musu ba. Wurin da inuwar darbejiya ta kwanta, kada ku ce za ku haskaka shi da Dodge. Zanen ganye zai ci gaba da nunawa, kuma launin zai fito a gurɓace. Ku yi rendar wannan yanki na ƙasa da katanga ba bishiya, da hasken da kuka daidaita, ku maye gurbinsa gaba ɗaya. Ku ja yankin ya fi abin da kuke buƙata faɗi, don ku sami wurin narkar da baki da abin rufe leya mai laushi, kuma ku ɓoye mahaɗin a inda akwai layi tun asali, kamar gindin bango ko layin intalok. Kada ku kunna Crop to Render Region, don hoton ya fito da cikakken girmansa ya zauna a mazauninsa ba tare da an ja shi da hannu ba. Idan kun ɗora, ku mayar da leyar Difference na ɗan lokaci. Gefunan yankin, inda babu abin da ya canza, su yi kusan baƙi. Idan suka yi toka ko suka ɗauki wani launi, hasken bai gama daidaita ba, ku koma ga lambobin nan biyu.

Ita kuwa rumfar, Shadow Catcher ne abokin aikinku. A Cycles, ku zaɓi ƙasa da katanga da gidan, duk abin da ke cikin tsohon hoto, ku kunna musu Shadow Catcher a Visibility, ku bar musu fentinsu na asali don hasken da suke maidowa ya zama daidai. Ku kunna Transparent a Film, ku kuma kunna Shadow Catcher a cikin Passes. Abin da injin yake yi shi ne ya lissafa hasken wurin sau biyu, da rumfa da kuma ba rumfa, ya raba na farko da na biyu. Inda rumfa ba ta canza komai ba sakamakon fari ne, inda ta rage haske ya yi duhu gwargwadon ragin. Sai ku haɗa wannan da tsohon hoto ta Multiply, ku ɗora jikin rumfar a sama. Tushen dabarar tsoho ne, Paul Debevec ya bayyana ta a 1998 don sa abubuwan kwamfuta cikin hotunan gaske, kuma tsohuwar rendarku a yau matsayin hoton gaske take da shi.

Akwai dalilin da ya sa na nace a sa gidan ma cikin masu kama inuwa. Inda inuwar rumfa ta shiga cikin inuwar gida, wurin ba ya ninka duhu. Rana ɗaya ce, gida ya riga ya tare ta, rumfa ba ta da sauran ranar da za ta tare, sai ɗan abin da ta rage na sama. Inuwoyin biyu narkewa suke yi su zama ɗaya. Wanda ya zana inuwa da hannu ya sa ta Multiply zai sami wani baƙin yanki a inda suka haɗu, mai siffar da babu ita a duniya. Ku fita tsakar gida da hantsi ku shigar da hannunku cikin inuwar bango, ku nemi inuwar hannun a ƙasa. Ba za ku same ta ba. Lissafin rabawa yana kiyaye wannan da kansa, muddin gidan yana cikin lissafin duka biyu. Iyakar dabarar ita ce tsohon hoton da ke hannunku JPEG ne ko PNG wanda Filmic ya riga ya matse, don haka ninkin ba zai fito cif ba. Sabuwar inuwa takan ɗan fi tsohuwa duhu ko haske. Ku sa Curves a kan leyar inuwar kaɗai har intalok a ƙarƙashin rumfa ya kusanci 95 ɗin nan a bakin inuwar, ya ɗan fi duhu a can ciki.

Mutanen da za a sa a bakin ƙofa lamarinsu dabam ne, domin hotunansu sun zo da nasu hasken a jiki, kuma ba a cire shi. Kafin ku zaɓi hoto ku dubi wace kafaɗa ce ta fi haske, ina inuwar hanci ta faɗi, yaya tsawon inuwar hula a goshi. Juya hoto da Flip Horizontal yana musanya hagu da dama kawai. Ba ya mayar da hasken gaba ya koma na baya, ba ya ɗaga ranar yamma ta koma ta tsaka, kuma yana juya rubutun riga da lambar mota da gefen sitiyari. Mutumin da aka ɗauka a ranar gajimare, ku tsayar da shi cikin inuwar rumfa ko ta bango, can zai zauna lafiya. Wanda za a tsayar a rana, ku sa hotonsa a kan fefe a cikin Blender a daidai tsayinsa da wurinsa, ku bar Sun ta jefa masa inuwa. Mai tsayin mita 1.7 zai sami inuwar kusan mita 1.2, kuma za ta bi layin sauran. Idan ranar tana zuwa ta gefe inuwar fefen za ta sirance, sai ku yi kwafinsa ku juya shi ya fuskanci rana, ku ɓoye shi daga kyamara a Ray Visibility, ya bar inuwa kawai. Ku ƙara ɗan duhu siriri a ƙarƙashin takalmi. Drop Shadow na Photoshop kuwa ba na wannan aiki ba ne ko kaɗan, domin yana ɗaukar hoton kamar takarda ce a kan tebur.

Duk abin da na faɗa na rana ne. Hoton dare yana bin gwajin layi shi ma, sai dai kowace fitila tana da tata mahaɗar, kuma mahaɗar ita ce ƙwan fitilar. A can inuwa biyu ko uku ga abu ɗaya daidai ne, kuma inda inuwoyin fitilu biyu suka haɗu duhu yana ƙaruwa da gaske. Nisa ma yana shiga lissafi: abin da ya ninka nisansa daga ƙwai yana samun kashi ɗaya cikin huɗu na hasken. Idan fitilun suka wuce biyu ko uku kuma saitinsu ya ɓace, a ganina gano su ɗaya bayan ɗaya ya fi sake rendar tsada. Haka idan gyaran ya shafi babban ɓangaren hoton, ko akwai gilashi da tayil mai sheƙi ko'ina, ko kyamarar ta ƙi hawa kan tsohon hoto. A irin wannan ku gaya wa mai gida gaskiya cewa sabuwar renda ake buƙata, ku faɗi kuɗinta da kwanakinta.

Don aikin gaba, duk ranar da kuka miƙa hoto ku adana kwafin fayil ɗin da sunan hoton da kwanan wata, kada ku sake taɓa shi, kuma ku yi Pack Resources don HDRI da sauran hotuna su shiga ciki. Kowace kyamara ta sami tata fitilar Sun mai ɗauke da sunanta, don kada juya ta bayan gida ya ɓata ta gaba. Ku fitar da OpenEXR MultiLayer tare da PNG, domin shi ne ke riƙe da hasken kafin a matse shi, kuma a kansa ninkin inuwa yake fitowa daidai. Daga Blender 3.2 akwai Light Groups a Cycles, wanda ke ba ku hasken rana da na sama da na fitilu kowanne a leyarsa, ta yadda za ku iya rage ɗaya ko canza launinsa ba tare da sake renda ba. Juya inuwa ne kawai ba zai yi muku ba, shi ya sa Rotation da Angle da Strength da View Transform za ku rubuta su a ƙaramar takarda ku ajiye a jaka ɗaya da hoton.